Kafin ka share hirar da ta cika: tambayoyi da amsoshi kan tsira da saƙonni masu tauraro, da waɗanda aka maƙala, da sauran muhimman bayanai

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin mutanen da hirarsu ta WhatsApp, musamman ta guruf, ta yi cunkoso har suna son share ta, amma suna fargabar kada wani abu mai amfani ya tafi tare da tarkacen. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke bayyana a fuskar waya.

Mene ne bambanci tsakanin share hira da goge ta gaba ɗaya?

Share hira, wato `Clear chat`, yana kwashe saƙonnin da ke ciki ne ya bar hirar kanta a jerin hirarrakinka babu komai a cikinta. Idan guruf ne, kana nan a matsayin mamba, sunan guruf da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa da jerin mambobi duk suna nan, kuma sababbin saƙonni za su ci gaba da shigowa. Goge hira kuwa, wato `Delete chat`, yana cire ta ne ɗungurungum daga jerin, kuma guruf ba ya goguwa sai ka fara fita daga cikinsa.

Dukansu biyu a ɓangarenka kaɗai suke aiki, ba sa taɓa abin da ke wayoyin sauran mutane. Sai dai na'urorin da ka haɗa da asusunka, kamar kwamfutar da kake buɗe WhatsApp a kanta, suna bin abin da ka yi a waya, saboda haka kada ka ɗauka akwai wani kwafi da ya rage maka a can. Haka kuma babu maɓallin janyewa bayan an share: daƙiƙoƙi kaɗan ɗin da manhajar take bayarwa domin dawo da saƙon da aka goge da `Delete for me` ba su shafi share hira ba.

Idan na sa wa saƙo tauraro, ba na adana shi ke nan ba?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan asarar take samo asali. Tauraro alama ce da aka ɗora a kan saƙon da ke cikin hira, kamar yadda ake naɗe gefen shafi a littafi: yana sauƙaƙa komawa wurin, amma idan aka yage shafin, naɗin ya tafi tare da shi. Jerin `Starred` da kake gani ba wata ma'ajiya ce ta daban ba, saƙonnin asali ne aka tattaro maka wuri guda, shi ya sa idan ka taɓa ɗaya daga ciki yake kai ka ainihin inda yake a hirar.

Saboda haka duk abin da ya kawar da saƙon asali ya kawar da mai tauraron. Idan ka goge hirar gaba ɗaya, ya tafi. Idan wanda ya turo shi ya yi `Delete for everyone` a cikin kusan kwana 2 da manhajar take ba shi, ko adimin ɗin guruf ya cire shi, ya tafi. Idan wayar ta ɓace kuma ba ka da bakof, wato ajiyar kwafin hirarrakinka, nan ma haka. Amfanin tauraro na gaskiya a wannan aiki shi ne tantancewa: da shi kake ware abin da za ka kwafa zuwa waje, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi inda ya dace a kai bayanai.

To amma na ji an ce share hira yana iya barin masu tauraro. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, da sharaɗin ka karanta akwatin da ke fitowa kafin ka tabbatar. Idan hirar tana ɗauke da saƙonni masu tauraro, manhajar tana ba da zaɓi a kansu, amma lafazin ya bambanta daga waya zuwa waya da kuma daga sabuntawa zuwa sabuntawa. A wani wurin zaɓi biyu ne, ɗaya ya share komai, ɗaya kuma ya share komai ban da masu tauraro. A wani wurin ɗan akwati ne da ake sa wa alama. Abin lura shi ne ma'anar akwatin: wani lafazin yana nufin a bar masu tauraro, wani kuma yana nufin a haɗa da su a goge, kuma wanda ya saba danna maɓalli da ka yana iya yin akasin abin da yake nufi.

Akwai wani akwatin kuma da ke tambaya ko a goge hotuna da bidiyon da suka shigo ta wannan hira daga ma'ajiyar hotunan waya. Idan ka sa masa alama, fayilolin kansu ne za su bar wayar, ba bayyanarsu a hira kawai ba. Idan ba ka sa ba, hirar za ta zama wayam amma wurin da ya cika a wayar ba zai ragu sosai ba, domin rubutu ba shi da nauyi, hotuna da bidiyo ne suke cinye wuri. Duba amsa ta biyun ƙarshe idan samun wuri ne kaɗai damuwarka.

Ko da zaɓin ya yi aiki daidai, abin da zai rage maka saƙonni ne tsirara, babu na gabansu babu na bayansu. Saƙon da ke cewa "Na amince, a yi hakan" ba shi da wani amfani idan tambayar da ya amsa ta tafi. Saboda haka idan za ka sa tauraro, ka sa wa tambayar da amsarta duka.

Saƙon da aka maƙala a saman hira fa, shi ma yana tsira?

Kada ka dogara da shi ko kaɗan. Maƙala saƙo, wato `Pin`, ya shigo WhatsApp a ƙarshen 2023, kuma tun farko an yi shi ne na ɗan lokaci: ana zaɓar awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, daga nan ya sauka da kansa ya koma cikin sauran saƙonni. Saƙo uku kacal ake iya maƙalawa a hira guda, idan aka ƙara na huɗu sai mafi daɗewa ya sauka. Bambancinsa da tauraro shi ne kowa a hirar yana ganinsa, alhali tauraro naka ne kai kaɗai, babu wanda ya san ka sa shi.

Rangwamen da ake yi wa masu tauraro a lokacin sharewa bai haɗa da waɗanda aka maƙala ba. Idan ka share hirar, saƙon ya bar wayarka, kuma kasancewar sauran mambobi suna ci gaba da ganinsa a saman tasu hirar ba zai dawo maka da shi ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka taɓa layin da ke sama ya kai ka wurin saƙon, ka danne shi, ka sa masa tauraro, ka maimaita ga sauran biyun. Matsalar da ta fi wannan ita ce saƙonnin da aka taɓa maƙalawa a baya wa'adinsu ya ƙare: babu wani jeri da ke tattara su, dole sai da bincike, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Hirar tana da dubban saƙonni. Ta yaya zan gano masu muhimmanci ba tare da na karanta duka ba?

Ka fara da shafin bayanin hirar, wanda ake shiga ta hanyar taɓa sunan mutum ko na guruf a sama. A nan akwai `Media, links, and docs`, inda aka raba hotuna da bidiyo, adireshin shafuka, da takardu. Sashen takardu ya kamata ka fara dubawa, domin yawanci gajere ne kuma a nan ake samun rasidai, jadawali da fom-fom. A wannan shafin ne kuma za ka ga masu tauraro na wannan hira kaɗai, ba a cakuɗe da na sauran ba.

Daga nan sai ka yi amfani da `Search` a cikin hirar, ka nemi kalmomin da ba sa rabuwa da bayani mai muhimmanci: asusu, lamba, adireshi, ƙarfe, ranar, an amince, wa'adi. Ka gwada kowace kalma da harafi mai lanƙwasa da kuma marar lanƙwasa, domin mutane da yawa suna rubuta "karfe" maimakon "ƙarfe", kuma ka gwada irin kalmomin da 'yan guruf ɗin suka saba amfani da su. Idan ka tuna lokacin da aka yanke wata shawara, alamar kalanda da ke cikin binciken tana kai ka ranar kai tsaye. Abin da bincike ba ya kamawa shi ne magana a saƙon murya da rubutun da ke cikin hoto, kuma a guruf da yawa a nan ne ake faɗin abubuwa mafi nauyi. Waɗannan sai ka bi su da ido da kunne.

Ina ya fi dacewa in kai bayanan da na ware?

Wuri mafi kusa shi ne hirarka da kanka. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp yana barin mutum ya tura wa lambarsa saƙo, kuma za ka ga sunanka a saman jerin lambobi idan ka fara sabuwar hira. Saƙon da ka tura can da `Forward` ya zama kwafi mai zaman kansa, share hirar asali ba ya taɓa shi. Sai dai yana isa ne ba tare da sunan wanda ya rubuta shi ko ranar da aka rubuta ba, ranar turawar kawai za ka gani. Ga lambar asusu wannan ba komai ba ne, amma ga alkawari ko umarni, rasa wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa rasa rabin bayanin ne.

Maganin hakan shi ne kwafa maimakon turawa. Idan ka zaɓi saƙonni biyu ko fiye a lokaci guda ka yi `Copy`, rubutun yana zuwa da rana da lokaci da sunan mai magana a gaban kowane layi, sai ka liƙa shi a manhajar rubutu ko ka aika wa kanka ta imel. Hoton fuskar waya shi ma yana riƙe suna da lokaci, amma ba a iya bincika rubutun da ke cikinsa a WhatsApp, kuma kwafe lamba mai tsawo daga hoto yana jawo kuskure.

A ganina, duk abin da rashinsa zai jawo asara ta gaske ya kamata ya fita daga WhatsApp baki ɗaya, domin hirarka da kanka tana cikin manhaja ɗaya da waya ɗaya da abin da kake gudu. Lambobin waya su shiga kundin lambobi, ranakun taro su shiga kalanda, takardu su shiga ma'ajiyar fayiloli. Kalmomin sirri kuwa bai dace a bar su a hira ko a fayil ɗin rubutu a buɗe ba.

Me `Export chat` yake fitarwa, kuma me yake bari?

A Android ana samunsa ta ɗigo uku, sai `More`, sai `Export chat`. A iPhone yana ƙasan shafin bayanin hirar. Zai tambaye ka ko a haɗa da hotuna da sauran fayiloli ko a'a, sannan ya samar da fayil ɗin rubutu mai ƙarewa da `.txt`, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa da sunan mai shi yadda ka adana shi a wayarka, ko lambarsa idan ba ka adana ba. Iyakar da WhatsApp ya bayyana ita ce saƙonni 40,000 na baya-bayan nan idan babu fayiloli, da 10,000 idan an haɗa da su. Ana ƙidayawa ne daga na ƙarshe a koma baya, wato tsofaffin ne suke faɗuwa, kuma babu gargaɗin da zai sanar da kai an yanke.

Fayil ɗin na karantawa ne kawai, ba a iya mayar da shi cikin WhatsApp ya koma hira. Ba ya nuna wane saƙo ne mai tauraro ko wanda aka maƙala, duk sun zama layuka iri ɗaya, shi ya sa ba ya maye gurbin kwafar da aka yi bayani a amsar da ta gabata. Idan ka zaɓi babu fayiloli, a Android za ka ga `<Media omitted>` a gurbin kowane hoto ko murya. Hotunan gani sau ɗaya ba sa fita ta kowace hanya. Idan kuma an kunna `Advanced chat privacy`, wanda aka ƙaro a 2025, fitar da hirar ba ya yiwuwa sam, kuma ya kamata a ɗauki hakan a matsayin nufin masu hirar, ba shingen da za a nemi tsallakewa ba. Ko inda aka bari ma, fayil ɗin yana ɗauke da maganganu da lambobin wasu mutane ba tare da kariyar da suke da ita a cikin manhaja ba, don haka a kula da inda ake ajiye shi.

Ina yin bakof kullum. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, saboda yadda yake aiki. `Chat backup` yana ajiye hoton yanayin hirarrakinka na yanzu ne a asusun Google ko a iCloud, kuma kowane sabo yana hawa kan tsohon ya maye gurbinsa. Idan ka share hira yau, kuma bakof ɗinka na kullum ya gudana cikin dare, gobe da safe ajiyar ma tana ɗauke da hirar ne babu komai a ciki. Wato yawan yin bakof yana rage maka lokacin gyara kuskure ne a wannan yanayi.

Ko ka farga da wuri, dawo da shi yana da tsada. Sai ka cire manhajar ka sake sa ta da lamba ɗaya da asusu ɗaya, kuma komai ne yake komawa yadda yake a lokacin ajiyar, ba hira ɗaya ba, saboda haka saƙonnin da suka shigo sauran hirarraki bayan lokacin za su salwanta. Idan ka rufe ajiyar da kalmar sirri ko mabuɗi mai haruffa 64 kuma ka manta, babu mai buɗe maka. Bidiyo ma ba sa shiga sai ka kunna `Include videos`. Duk da haka yana da kyau ka yi bakof da hannu dab da sharewa, ka tsayar da na kai-tsaye na ɗan lokaci har ka tabbatar ba ka rasa komai ba, sannan ka mayar da shi.

Na sa wa hoto da saƙon murya tauraro, amma yanzu ba sa buɗewa. Me ya faru?

Galibi ɗayan biyu ne: ko ba a taɓa sauke fayil ɗin ba, ko an goge shi daga wayar ta wata hanya, misali da manhajar tsabtace waya. Alamar hakan ita ce hoto mai hazo da kibiyar saukewa a tsakiya, ko sanarwar da ke cewa ka nemi wanda ya turo ya sake turowa. WhatsApp ba ya riƙe fayiloli a rumbunsa har abada, don haka tsohon fayil da ba ya kan waya yana iya ƙin saukuwa. Tauraron yana kan saƙon, amma saƙon ya zama fanko.

Shi ya sa kafin sharewa ya kamata ka buɗe kowane fayil mai muhimmanci ka ga ya buɗu, sannan ka yi `Share` zuwa imel ko ma'ajiyar fayiloli. A sababbin wayoyin Android fayilolin suna nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Takardu suna cikin `WhatsApp Documents`, saƙonnin murya kuma suna cikin `WhatsApp Voice Notes` da ƙarshen suna `.opus`. Sunayensu rana ce da lamba kawai, babu sunan mai magana, don haka ya fi sauƙi ka tura muryar daga cikin hirar tun tana nan, ka sake mata suna mai ma'ana.

Guruf ɗinmu yana da saƙonni masu ɓacewa da kansu. Tauraro zai hana su tafiya?

Abin da aka tanada domin wannan shi ne `Keep`, ba tauraro ba. Idan an saita saƙonni su ɓace bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, danne saƙo ka zaɓi `Keep` yana tsayar da shi ga kowa a hirar, kuma ana samun irinsu a `Kept messages`. Amma ana sanar da wanda ya turo, kuma yana da ikon soke hakan, idan ya soke babu mai sake riƙe shi. Wannan riƙon kariya ce daga agogon ɓacewa kawai, saboda haka ka bi jerin ka kwafi abin da kake buƙata kafin ka share da hannunka.

Wuri kawai nake nema a waya. Dole ne in share hirar?

Sau da yawa ba dole ba ne, kuma wannan ce hanyar da na fi ba da shawara. Ka shiga `Settings`, sai `Storage and data`, sai `Manage storage`. Za ka ga hirarraki a jere daga mafi nauyi, da rukunin fayilolin da suka wuce MB 5, da waɗanda aka yi ta yaɗawa. Idan ka shiga hirar ka jera fayilolinta daga mafi girma, za ka tarar 'yan bidiyo kaɗan ne suka riƙe mafi yawan nauyin. Goge su yana samar da wurin, rubutun hirar kuma yana nan yadda yake da tambayoyinsa da amsoshinsa. Idan ka zaɓi komai a nan, ka lura da zaɓin da ya shafi fayiloli masu tauraro da wanda ya shafi sauran kwafi, domin na biyun yana iya kwashe har wanda ka tura wa kanka.

Za a iya nuna yadda aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

A ɗauka sakatariyar wata ƙungiya tana da guruf mai shekara biyu, ana turo kimanin saƙo 200 a rana, wato kusan 146,000 gaba ɗaya. Idan ta fitar da hirar babu fayiloli, saƙo 40,000 za su ba ta kwana 200 na ƙarshe ne kawai, da fayiloli kuma 10,000 za su tsaya a kwana 50. Dokokin ƙungiyar da aka amince da su a watan farko ba za su fito a ko ɗaya ba. Saboda haka sai ta fara da tantancewa: ta sa tauraro a saƙonni ukun da aka maƙala, ta bi sashen takardu, ta yi bincike da kalmomi, ta koma watannin farko ta kalanda, tana sa tauraro a kan kowace shawara tare da saƙon da ya jawo ta.

Bayan haka ta buɗe jerin masu tauraro ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Rubutu ta kwafe shi da sunaye da ranaku zuwa fayil guda, takardu da muryoyi ta buɗe su ta tura su waje, lambobin mambobin da ba ta adana ba ta shigar da su kundin waya. Sannan ta fitar da hirar sau biyu, babu fayiloli da kuma tare da su, ta buɗe fayil ɗin `.txt` ta duba ranar da ke layin farko domin ta san inda aka yanke. Idan tana buƙatar abin da ya gabaci wannan rana kuma ba ta kwafe shi ba, ba ta gama ba tukuna.

Mataki na ƙarshe kafin sharewa shi ne ta buɗe abin da ta ajiye daga wata na'ura daban, ta tabbatar imel ɗin ya isa kuma fayilolin suna buɗewa, domin wani lokaci aikawa tana tsayawa a hanya idan fayil ya yi girma. Daga nan ta yi bakof da hannu, ta tsayar da na kai-tsaye, ta danna `Clear chat`, ta zaɓi a bar masu tauraro, ta shiga hirar ta ga suna nan. Idan bayan 'yan kwanaki ta gano wani abu ya kuɓuce, neman wani mamba ya sake turo mata shi ya fi sauƙi da aminci a kan dawo da bakof, tunda nasu kwafin bai taɓu ba.